Takardar Neman Aikin Koyar da Lissafi da Tarihin Karatu da Aiki

Layin Masallaci,
Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi,
Kano.
4 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,
Sakandaren Hasken Gobe,
Titin Zariya, Kano.

Ranka ya daɗe,

NEMAN AIKIN KOYAR DA LISSAFI

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman gurbin malamin lissafi da makarantarku ta sanar tana buƙata a zangon karatu mai kamawa a watan Satumba. Na kammala digirin farko a fannin koyar da lissafi a Jami'ar Bayero ta Kano a 2024, na gama hidimar ƙasa a watan Yunin bana, kuma ina da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN.

Ni sabuwar malama ce, amma azuzuwan da na riƙe a koyarwar gwaji da hidimar ƙasa sun nuna mini inda gizo ke saƙar. Ɗalibin da lissafi ya gagara a babbar sakandare, galibi tun a ƙaramar sakandare aka bar shi a baya, wajen ɓangarorin lamba da lambobin da ke ƙasa da sifiri. Wani kuma lissafin bai fi ƙarfinsa ba, Turancin tambayar ne ya sha masa kai. Shi ya sa nakan buɗe zango da gajeren gwaji don in san matsayin kowa, in ware masu rauni mu riƙa zama na minti talatin bayan an tashi. Idan tambaya ta yi tsauri, nakan warware ma'anarta da Hausa, da misalin ciniki da canjin kuɗi da yaran suka saba da shi a gida, sannan mu koma Turancin da za su tarar a takardar WAEC da NECO. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaron da bai sami kiredit a lissafi ba, ƙofar fannoni da yawa a jami'a takan rufe masa ko da ya ci sauran darussa.

Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta suna da haƙƙin sanin halin da 'ya'yansu ke ciki tun kafin ranar karɓar sakamako. Ina duba aikin gida a kan lokaci, ina ajiye makin kowane ɗalibi a rubuce, kuma a shirye nake in yi aiki ƙarƙashin shugaban sashe in ƙaru da manyan malamanku.

Na haɗo kwafin takardun shaidata da wannan wasiƙa. Zan yi farin ciki idan aka ba ni damar zuwa ganawa, har ma in koyar da darasi ɗaya a gabanku a duk ajin da kuka zaɓa. Allah ya ƙara wa makaranta albarka.

Taku mai biyayya,
Rukayya Sulaiman Bichi

TARIHIN KARATU DA AIKI

Suna: Rukayya Sulaiman Bichi
Ranar haihuwa: 14 ga Maris, 2000
Asali: Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano
Adireshi: Layin Masallaci, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Harsuna: Hausa da Turanci, magana da rubutu, Larabci, karatu

Karatu
2019–2024: Jami'ar Bayero, Kano. Digirin farko a koyar da lissafi, daraja ta biyu ta sama, maki 3.84 cikin 5.00. Kundin kammalawa ya duba wahalar da ɗaliban ƙaramar sakandare ke sha da tambayoyin lissafi masu zuwa cikin labari.
2012–2018: Sakandaren Gwamnati ta 'Yan Mata, Bichi. Shaidar NECO, kiredit takwas, har da lissafi da Turanci.
2006–2012: Firamare ta Tsakiya, Bichi.

Aikin koyarwa
Yuli 2024–Yuni 2025: Hidimar ƙasa a sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, Kontagora, Jihar Neja. Na koyar da aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, na riƙe rajistar aji, na tsara jarabawar ƙarshen zango, kuma na kafa ƙungiyar lissafi mai zama kowace Laraba.
2023: Koyarwar gwaji a ƙaramar sakandare, Kumbotso, aji biyu da aji uku.
2021–2024: Darasin Asabar da Lahadi kyauta ga 'yan matan unguwarmu masu shirin jarabawar fita.

Ƙwarewa
Rubuta tsarin darasi bisa manhajar ƙasa. Haɗa kayan koyarwa da kwali da zare. Aiki da Microsoft Word da Excel wajen tattara maki, da GeoGebra wajen zanen jadawali da siffofi.

Takardun shaida
Digiri, shaidar kammala hidimar ƙasa (NYSC, 2025), shaidar TRCN (2025).

Masu ba da shaida
Malam Usman Ndagi, mataimakin shugaban makarantar da na yi hidimar ƙasa, Kontagora.
Hajiya Binta Lawan, shugabar sashen lissafi a makarantar da na yi koyarwar gwaji, Kumbotso.
Wasiƙunsu na shaida suna cikin takardun da na haɗo.