Jawabin ma'aji ga mambobin ƙungiyar adashi a Agege kan inda za a ajiye kuɗin asusu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, Malam Liman, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa. Allah ya saka da alheri da kuka baro rumfunanku kuka zo.

Zuwa ƙarshen watan jiya, asusunmu ya kai naira miliyan 40, zubin mutum 152. A ciki akwai kuɗin mai kwandon tumatir a Mile 12, da na mai jiran aurar da 'ya, da na gwauruwar da ke zuba dubu 5 duk mako. Amana ce, don haka kafin mu tambayi nawa za a samu, mu fara tambayar yadda kuɗin zai dawo hannun mai shi ranar da ya nema.

Wasu dattawa sun ce a bar shi kwance a banki. Ajiyar ma tana da hasara. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara, wato kayan da ka saya miliyan 1, bayan shekara sai ka ba da kusan miliyan 1 da dubu 348. Kuma banki yana iya durƙushewa: a Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar NDIC tana biyan inshorar ajiya har miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Asusun da ke da sunan ƙungiya kuwa mai ajiya ɗaya ake lissafa shi, ko da mu dubu ne. Idan muka tara miliyan 40 a wuri guda aka samu matsala, miliyan 5 za a fara ba mu, sauran sai an sayar da kadarorin bankin, abin da kan ɗauki shekaru.

Ga abin da kwamiti ya kawo muku.

Miliyan 9 za su zauna a shirye don masu cirewa, musamman gab da azumi, babbar salla da komawar yara makaranta. Za a raba su bankuna biyu, miliyan 4 da rabi kowanne, cikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz, Taj da Lotus. Wasu miliyan 3 na ko-ta-kwana ne a banki na uku, ba a taɓa su sai babban taro ya amince.

Miliyan 12 za su tafi Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda ofishin kula da bashi, DMO, ya fara fitarwa a 2017. Da kuɗin ake gina tituna, gwamnati tana biyan haya duk wata shida, in wa'adi ya cika ta mayar da uwar kuɗi. Wa'adin yakan kasance shekara 7 ko 10. Ana iya sayarwa kafin lokaci ta hannun dillalin hannun jari mai rajista, amma farashin ranar yana iya gaza abin da muka saya. Shi ya sa ba za mu sa kuɗin da za a nema bana a ciki ba.

Sauran miliyan 16 na juyawa ne tsakaninmu, kuma nan zan daɗe, domin ta nan ƙungiyoyi suka fi rushewa. Yawanci ba ɓarawon waje ke karya asusu ba, kunya ce. A ba Alhaji wane miliyan 5 saboda ba a iya ce masa a'a, motar shanunsa ta yi hatsari a hanyar Mokwa, shi ke nan kuɗin mutum ashirin ya maƙale. Don haka ba za mu riƙa miƙa tsabar kuɗi ba. Murabaha za a yi: mamba ya faɗi kayan da yake so, ƙungiya ta saya da sunanta, ta karɓi rasit, sannan ta sayar masa da ribar da aka yanke tun farko. Buhunan wake na dubu 800, misali, a sayar masa dubu 880, ya biya cikin wata huɗu. Ba wanda zai karɓi fiye da ninki biyu na zubinsa, kuma ko nawa ya tara, iyakarsa miliyan 1 da rabi. Sai ya kawo mambobi biyu su tsaya masa da zubinsu, kuma mai tsaya wa mutum biyu ba zai ƙara na uku ba. Kayan gwari, tumatir da tattasai da attarugu, ba za su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi ba, domin kwana biyu na cunkoso a hanyar Ibadan sun isa su ruɓar da lodi. Kayan da ke cikin sito kuwa za a yi musu takaful, wato inshorar Musulunci, saboda gobara. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowa, har da shugaba da ma'aji.

An kawo shawarar sayen fili a Ikorodu ko Epe. Kwamiti ya ce a dakata. Kun san omonile, masu iƙirarin gadon filayen, suna sayar da fili ɗaya ga mutum uku, kuma ciniki ba ya kammala sai an bincika takardu a ofishin filaye na Alausa an samu amincewar gwamna. Ko an dace, fili ba ya zama kuɗi ranar da aka matsu.

Sai masu zuwa da waya suna nuna riba tana hawa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ta rushe a Afrilu 2025. Ku yi lissafin da kanku: miliyan 1 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, ana mayar da ribar ciki, za ta haura miliyan 23 a shekara. Wace sana'a ce a Legas take haifar da haka? Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan na jiya da shi, ranar da sababbi suka daina zuwa sai a kulle. Takardar CAC da suke ɗagawa rajistar sunan kamfani ce kawai. Mai juya kuɗin jama'a sai da rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, kuma sakatare zai duba sunan a shafin hukumar da idonsa kafin a saurari kowa, ko da ɗan uwanmu ne ya kawo shi.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan mutum ɗaya zai iya motsa kuɗi. Daga yau masu sa hannu uku ne, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Zubi ya shiga asusun ƙungiya kai tsaye, kar a tura wa ma'aji ko sakatare ta asusunsa. Saƙon banki zai riƙa shiga wayoyi uku. Duk ƙarshen wata mutum biyu da ba sa cikin shugabanci za su gwada littafinmu da bayanin banki, a karanta a nan, a shekara kuma a kira odita daga waje.

Shugaba, ina roƙon a ba da minti 20 na tambayoyi, mu fara da Hajiyoyi, sannan a ɗaga hannu a kan rabon kuɗin daban, a kan ƙa'idar murabaha daban. Na gode. Wassalamu alaikum.