Takardar Shaida a kan Malam Nuhu Abdullahi, Ɗan Haya

Alhaji Garba Isa,
Gida mai lamba 14, Layin Makaranta.
9 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Hajiya Rabi Usman,
Mai gida mai lamba 6, Layin Asibiti.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Hajiya, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da iyali baki ɗaya.

Malam Nuhu Abdullahi ne ya zo mini ranar Asabar da ta wuce, ya ce ya ga gidanki da ake bayarwa haya, ya yi masa, kuma kin nemi ya kawo shaida a rubuce daga wanda yake zaune a gidansa yanzu. Ni ne mai gidan. Ban taɓa ganinki ba, amma na san abin da kike son ji, domin ni ma shekara 19 ke nan ina ba da haya, kuma duk lokacin da baƙuwar fuska ta zo neman makulli tambayoyin da ke raina ba su wuce uku ba: zai biya, zai riƙe gidan da kyau, zai zauna lafiya da mutane? Zan amsa miki su gwargwadon abin da na gani da idona.

Malam Nuhu ya shiga gidana ranar 1 ga Satumba, 2018. Gidan bene ne mai sashe huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama, shi kuma yana sashen sama na hannun dama: ɗaki biyu da falo, da kicin da banɗaki biyu. Ya shigo da maiɗakinsa, Malama Hadiza, da yara biyu, yanzu yaran sun zama huɗu. Shi ma'aikacin jinya ne, ita kuma tana koyarwa a makarantar firamare. Yarjejeniyarmu ta shekara-shekara ce, kuma wadda muke ciki za ta ƙare ranar 31 ga Agusta, 2025, wato shekara bakwai cif.

Maganar kuɗin haya ita ce ta farko. Biya bakwai ya yi mini. A shida daga ciki, kuɗin sun shigo kafin ranar da muka ajiye, wani lokaci da mako guda, wani lokaci da kwana uku. Ban taɓa aika masa dillali ba, ban taɓa buga masa waya don tuni ba. Sau ɗaya ne aka samu jinkiri, kuma ba zan ɓoye miki ba, don abin da ya yi a lokacin shi ne ya sa na san irin mutumin da na ba makulli. A shekarar 2020 ne, lokacin annobar korona, da aka rufe makarantu abin da Malama Hadiza ke samu ya tsaya. Saura mako uku wa'adi ya cika sai ga shi a ƙofata da yamma. Bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ce ba zai iya haɗa kuɗin gaba ɗaya a kan lokaci ba, zai kawo rabi ranar 1 ga Satumba, ragowar kuma ranar 30 ga Nuwamba, in na yarda. Ya ma zo da takarda ya rubuta hakan, ya sa hannu. Na ce masa ya mayar da takardarsa aljihu, maganarsa ta ishe ni, ya ce a'a, rai ba a hannunmu yake ba, gara ta zauna a wurina. Rabin farko ya zo a ranarsa. Na biyun ya zo ranar 26 ga Nuwamba, saura kwana huɗu. Rasit ɗin duka biyan suna hannunsa, kwafinsu kuma yana wurina, in kina son gani.

Hajiya, kin san wannan harka. Kowa yana iya shiga matsi, ni ma na sha shiga. Abin da ke ɓata tsakanin mai gida da ɗan haya shi ne ɓuya: mutum ya kashe waya, ya riƙa fita tun asuba yana dawowa bayan kowa ya kwanta, in an haɗu ya ce gobe. Malam Nuhu yakan faɗi magana tun ba a tambaye shi ba, ko da maganar ba ta yi masa daɗi ba, kuma haka na san shi a kowane fanni na zamanmu.

Ga misali a kan gidan kansa. A shekararsa ta biyu, babban ɗansa ya hau kan abin wanke hannu na banɗaki ya tsage. Tsagin ta ƙasa yake, da ya yi shiru ba zan gani ba sai ranar da zai tashi, watakila ma ko ranar ba zan lura ba. Washegari ya kira ni, ya ce ɓarna ce ta gidansa, shi zai biya, amma yana so in faɗi irin wanda za a saya don ya dace da na sauran sassan. Aka sa sabo, ya kira ni na zo na duba. Wani lokaci kuma da damina, cikin dare, ya lura silin ɗin falonsa ya fara jiƙa. Kwano ne ya ɗaga a wani gefe. Bai jira gari ya waye ba ya sanar da ni, ya janye kayansa, ya tara bokiti, da safe kuma ya tsaya tare da kafinta har aka gama, alhali ranar hutunsa ce daga aikin dare. Falle biyu na kwano muka canza. Da an bar ruwan nan ya yi mako yana zuba, da silin da katako da wayoyin wuta duk sai an taɓa su.

Ranar 2 ga wannan wata na shiga sashen nasa muka zaga tare. Ƙofofi da tagogi lafiya, makullai duka suna aiki, famfuna ba mai ɗiga, tayil ba wanda ya fashe. Bango yana son fenti, musamman ɗakin yara, amma wannan aikin shekaru ne, kuma shi da kansa ya taɓa yin fentin falo a 2022 bayan ya nemi izinina. Bai taɓa fasa bango ko ƙara wani gini ko sauya wayar wuta ba tare da ya tambaye ni ba. Bai taɓa saka wani a ɗaki da sunan haya a kan haya ba. Kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin shigowa zan mayar masa da su cikakku ranar da ya miƙo makulli, domin ban ga abin da zan cire ba.

Akwai abin da ya yi mini wanda ba ya cikin yarjejeniya. A farkon 2023 na kwanta rashin lafiya, na yi kusan wata huɗu ba na iya leƙa gidan. A tsakanin nan injin da ke tura ruwa zuwa tanki ya ƙone, sassa huɗu suka zauna babu ruwa. 'Ya'yana ba sa kusa. Malam Nuhu ya nemo masu gyara biyu, ya ji farashin kowanne, ya karanta mini ta waya, na zaɓa, na tura masa kuɗi. Da na samu sauƙi ya kawo mini ambulan, ciki akwai rasit na kowane abu da aka saya, da canjin da ya rage, da tsohon injin a buhu wai ko zan so in sayar. Ban tambaye shi lissafi ba, kuma da bai kawo ba ba zan san akwai ragowa ba. Tun daga lokacin sauran 'yan hayar suka ɗora masa riƙon littafin kuɗin shara da na mai gadi, kuma rigimar da a da nake zuwa rabawa kusan kowane wata ta mutu.

Zamansa da maƙwabta kuwa, a shekara bakwai ba wanda ya kawo mini ƙararsa ko ta iyalinsa. Malama Hadiza mace ce mai tsabta da kamun kai, matattakala da harabar gaban sashensu kullum a share suke. Kasancewarsa ma'aikacin jinya ya sa ana buga masa ƙofa a lokutan da bai kamata ba, kuma ban ji ya taɓa mayar da kowa ba. Dattijuwar da ke sashen ƙasa ta ce mini shi ke auna mata hawan jini duk mako.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ki sani tun yanzu don kada su zo miki a ba-zata. Na farko, yana yin aikin dare, wani makon yana fita bayan isha ya dawo da safe, wani lokaci kuma a kira shi tsakar dare. Saboda haka zai buƙaci makullin babbar ƙofa nasa na kansa, in kuma akwai mai gadi a sanar da shi. Ni na ba shi tun watan farko, kuma ban taɓa samun ƙofa a buɗe ba. Na biyu, mutum ne da ba ya barin gyara ya kwana. In abu ya lalace wanda yake haƙƙin mai gida ne, zai faɗa miki, in kin manta zai sake faɗa, cikin ladabi amma ba zai fasa ba, kuma yana son duk abin da aka yi magana a kai a rubuta. Da farko na ɗauka takura ce. Daga baya na lura sashensa ne ya fi kowanne ƙarancin cin kuɗin gyara, don komai ana kama shi tun yana ƙarami. Yara huɗu kuma yara ne, za a ji motsinsu da rana, amma da dare gidan shiru yake.

Dalilin tashinsa ba saɓani ba ne, kuma ba ni na ce ya tashi ba. Mahaifiyarsa ce za ta dawo wurinsa da zama, tana fama da ciwon gwiwa, hawa bene ya gagare ta, ga shi ɗaki biyu sun yi wa mutum bakwai kaɗan. Ya sanar da ni a rubuce ranar 26 ga Mayu, fiye da wata uku kafin wa'adi, kamar yadda yarjejeniyarmu ta tanada. Na so ƙwarai in riƙe shi. Sassan ƙasa duka da mutane a ciki, su ma ba su yi mini laifin da zan tashe su ba, kuma su ɗin ma ɗaki bibbiyu ne. Ya gaya mini naki gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, kuma ya fi kusa da wurin aikinsa, na ce masa to lallai ya nema.

A yau ba na bin sa ko sisi, ba na haya ba, ba na wuta ko ruwa ko shara ba. Babu dangantakar jini ko ta aure ko ta kasuwanci tsakanina da shi, sanin da na yi masa na haya ne kawai, kuma ban karɓi komai don rubuta wannan takarda ba. Ina ba ki shawara ki ba shi gidan ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Da zai dawo neman haya a wurina gobe, zan ba shi makulli kafin in ba kowa.

In kina son ƙarin bayani, Malam Nuhu zai ba ki lambar wayata, ana samuna daga bayan la'asar zuwa magariba. In kuma kin fi son ki turo wakilinki ya ga sashen da idonsa kafin ki yanke shawara, na yi magana da Malam Nuhu ya amince, sai dai a sanar da mu kwana ɗaya kafin zuwan saboda iyali.

Allah ya sa albarka a gidan, ya haɗa ki da masu riƙon amana. Na gode da lokacin da kika ba wannan takarda.

Wassalam.

Naki,
Alhaji Garba Isa,
Mai gida mai lamba 14, Layin Makaranta.