Amosanin Ido: A Wanke Fuskar Yara, a Share Gida, a Kai Mai Ciwon Gira Asibiti da Wuri

Saƙo daga ma'aikatan lafiyar ido zuwa ga iyaye mata, magidanta, malaman allo, limamai da masu unguwanni na Jihar Sakkwato

Jama'a, assalamu alaikum.

Kusan kowane ƙauye akwai dattijuwar da ba ta iya buɗe ido a rana. Kullum hawaye na zuba, gefen gyale na kan fuska, matsefata kuma na rataye a wuya don cire gashin idon da ke sukar ta. Mutane sukan ce ai tsufa ne. Ba tsufa ba ne, amosanin ido ne, wanda idan ya yi nisa ake kira ciwon gira. Tun tana yarinya ya kama ta, kuma yana da magani.

Yadda ciwon yake

Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani take kawo shi. Tana zaune a cikin kwantsa da majinar mai ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a jikin yara 'yan shekara 1 zuwa 9. Yaron da ya kamu za a ga idonsa ya yi ja, yana ƙaiƙayi, yana tara kwantsa, da safe ya tashi ido a manne. Wani yaron ma ba ya nuna komai, sai ma'aikacin lafiya ya juya fatar idon ta sama sannan a ga 'yan ƙuraje farare a ciki.

Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Abin da ke ɓarna shi ne maimaici: ya kamu, ya warke, ya sake kamuwa, shekara da shekaru. Duk lokacin da ya warke sai ya bar tabo a cikin fatar ido. A hankali tabon yana tattare fatar, yana jawo bakinta ciki, har gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar idon. Kowace ƙiftawa sai ya karce ta, kamar an zuba wa mutum yashi a ido an hana shi wankewa. Daga nan baƙin ido ya yi fari, gani ya dushe. Makantar da ta zo ta wannan hanya ba ta warkewa, shi ya sa muke ta roƙon a zo da wuri.

Mata sun fi maza shan wannan wahala, har makantarsu kan kai ninki huɗu na ta maza. Dalili a fili yake. Su ke goyo, su ke share majina da kwantsa da bakin zane, su ke kwana da yara.

Ta ina yake yaɗuwa?

Ta hannu, ta tsumma, ta ƙuda. Yaro ya murza idonsa ya taɓa fuskar ƙaninsa. Uwa ta goge fuskar 'ya'ya uku da gefen zane ɗaya. A sa wa yaran gida duka kwalli da abin sawa guda. Ƙuda ya tashi daga idon wannan ya sauka a na wancan. Inda ake kwana a cunkushe, kamar ɗakin almajirai, abin ya fi saurin zagayawa.

Wanke fuska

Mu manya muna alwala sau biyar a rana, fuskarmu ba ta rabuwa da ruwa. Ƙananan yaran da ba su fara salla ba su ne aka bari, alhali su ne ciwon ya fi kamawa. To a haɗa su da alwalarmu. Inna, in kin idar da ta asuba, ki kira su ki wanke musu fuska da ruwa mai tsabta da sabulu, ki cire kwantsar gefen ido da majinar hanci. Da yamma kafin kwanciya ki maimaita, haka kuma duk lokacin da kika ga fuskar ta ɓaci. Ki wanke hannunki kafin ki koma kan na gaba.

Mun san halin ruwa a bazara, mun san nisan rijiya da tsadar jarka. Amma wannan aiki ba ya cin ruwa. Buta ɗaya, in ana tsiyayawa kaɗan-kaɗan a tafin hannu, za ta ishi yara da yawa. Kada a tara su a kan ruwan kwano ɗaya kowa na tsoma hannu, kuma kada a bi su da tawul guda. A bar iska ta busar da fuskar. Da hunturu ma, sa'ad da yara ke gudun ruwa ga ƙura ta cika gari, a ɗan ɗumama ruwan a wanke.

Malam, almajiranka amana ce a hannunka. Ajiye buta da sabulu a bakin zaure, kowa ya wanke fuska kafin ya ɗauki allo.

Tsabtar gida da unguwa

Ƙudan da ke bin ido ya fi son yin ƙwai a kan kashin mutum da aka bari a fili. Ba ya hayayyafa a cikin masai mai rufi. Don haka kowane gida ya haƙa masai, a sa masa murfi, kowa ya yi amfani da shi. Kashin jariri ma a zuba shi a ciki, kada a watsa bayan katanga. Wanda larura ta kama a gona ya tona rami ya binne. A riƙa kwashe kashin dabbobi, a nisanta turke daga ɗakin kwana, a kai shara juji nesa da inda yara ke wasa.

Magani

Idan masu rabon magani sun zo garinku da sandar awon tsayi, ku fito da kowa, har wanda ke ganin idonsa lafiya lau. Maganin sunansa azitiromaisin, sau ɗaya ake sha a shekara, kuma kyauta ne. Jariran da ba su kai wata 6 ba ana ba su man ido na tetarasaikilin, a shafa sau biyu a rana har mako 6. In an tsallake gida ɗaya, daga can ciwon zai sake dawowa unguwa. Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye, ko nono, ko wani haɗin da aka saya a kasuwa.

Idan gashin ido ya fara juyawa

A nan ne muke rasa mutane, domin sukan yi haƙuri da abin da bai kamata a yi haƙuri da shi ba. Ko gashi ɗaya ne ke taɓa ƙwayar ido, lokacin zuwa asibiti ya yi. Haka idan ido na yawan hawaye, ko mutum ba ya son haske, ko yana jin suka in ya ƙifta. Cirewa da matsefata sauƙi ne na 'yan kwanaki, gashin zai sake tsirowa, wanda ya karye kuwa ya fi kaifi. Yankewa da reza ko almakashi ya fi duka muni.

Aikin gira ƙaramin aiki ne. Ba a taɓa ƙwayar ido, fatar kawai ake gyarawa ta koma waje. Ana kashe zafin wurin da allura, mutum na farke, kuma yawanci ba ya wuce rabin awa. A ranar ake komawa gida, washegari a cire bandeji, bayan mako ɗaya ko biyu a dawo a duba ɗinki. Wani lokaci gashin kan sake juyawa bayan aiki. In haka ta faru a dawo, ana sake gyarawa.

Maigida, sau da yawa izininka da kuɗin mota kaɗai ke tsakanin matarka ko mahaifiyarka da wannan aiki. Ka duba idonsu yau da hasken tocila, ka raka su.

Ƙasashe irin namu sun rabu da wannan ciwo a matsayin barazana ga jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Gana a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023, kuma da waɗannan matakai suka yi.

Ma'aikacin ido zai zauna a asibitin mazaɓarku ranar Laraba mai zuwa, daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar, kuma duba ido kyauta ne. Wanda ba ya iya tafiya, a sanar da mai unguwa a rubuta sunansa, za a je har gida a duba shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta wannan takarda, musamman matan da ke cikin gida.