Ƙudurin Majalisar Daraktocin Kamfanin Sufurin Kaya na Garkuwa Kan Karɓar Rancen Banki da Naɗa Masu Sa Hannu

An ciro wannan ƙuduri daga littafin bayanan taron Majalisar Daraktoci da aka yi a babban ofishin kamfani ranar Talata 13 ga Mayu, 2025, da ƙarfe 10 na safe.

Waɗanda suka halarta su ne Alhaji Lawal Ɗanjuma, Shugaban Majalisa. Hajiya Rakiya Tukur, Manajar Darakta. Malam Habibu Isiyaku, Daraktan Kuɗi. Injiniya Bulus Audu, Darakta. Da Alhaji Nasiru Maikano, Darakta. Malama Zulaihat Shehu, Sakatariyar Kamfani, ita ta rubuta bayanan taro, amma ba ta da ƙuri'a.

Sakatariya ta tabbatar da cewa an aika wa kowane darakta takardar gayyata tun 29 ga Afrilu, 2025, haɗe da kwafin takardar tayin banki. Sashe na 33 na kundin dokokin kamfani ya ce zama yana halatta da daraktoci uku. Da yake duka biyar sun zo, Shugaba ya buɗe taro.

Bayyana alaƙa

Kafin a shiga magana, Alhaji Nasiru Maikano ya sanar da Majalisa cewa yana da hannun jari a kamfanin dillancin motocin da ake shirin sayen tirelolin daga wurinsa. An rubuta wannan a littafi. Ya fita daga ɗakin taro har aka gama tattaunawa, bai kaɗa ƙuri'a ba, kuma ba a lissafa da shi cikin adadin da ya halatta zama ba. Sauran huɗun kowa ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da wata alaƙa ta kuɗi da bankin ko da dillalin.

Dalilin rancen

Manajar Darakta ta bayyana cewa kamfani ya ƙulla kwangilar jigilar kaya ta shekara huɗu, kuma motocin da ke hannu ba za su iya ɗauke aikin ba. Yanzu haya ake yi don cike giɓi, kuɗin hayar kuwa yana cinye mafi yawan ribar kwangilar. Ana bukatar sababbin tireloli huɗu, waɗanda kuɗinsu gaba ɗaya ya kama Naira miliyan 450. Kamfani zai biya Naira miliyan 90 daga aljihunsa, wato kashi 20 cikin 100, ragowar kuma Bankin Madogara ya yi tayin bayarwa rance a takardarsa mai kwanan wata 28 ga Afrilu, 2025, wadda wa'adin karɓarta zai ƙare ranar 28 ga Mayu, 2025.

Daraktan Kuɗi ya gabatar da lissafin biya dalla-dalla. A watanni shida na farko kuɗin ruwa kaɗai za a riƙa biya, Naira miliyan 7.2 kowane wata. A wata na bakwai ne nauyi zai fi yawa, domin a nan za a fara biyan uwar kuɗi Naira miliyan 10, a haɗa da kuɗin ruwa ya zama Naira miliyan 17.2. Daga nan biyan zai riƙa sauka da Naira 200,000 duk wata har zuwa na ƙarshe, wanda zai kasance Naira miliyan 10.2. Idan kuɗin ruwa bai canza ba, jimillarsa za ta kai Naira miliyan 176.4, kuma duk abin da zai fita daga kamfani zuwa banki, har da ladan shirya rance, zai zama Naira miliyan 540. Ya ƙara da cewa bashin da ake bin kamfani a yau Naira miliyan 85 ne. Idan an ɗora sabon rancen zai zama Naira miliyan 445, wanda bai kai iyakar Naira miliyan 620 da sashe na 41 ya ba Majalisa damar ci ba tare da komawa ga masu hannun jari ba.

Injiniya Bulus Audu ya ja hankalin Majalisa ga sakin layin da ya ba banki damar canza kuɗin ruwa idan yanayin kasuwa ya sauya. Ya ce lissafin da aka karanto yana tsaye ne muddin banki bai taɓa wannan adadi ba, kuma bai kamata a bar wa masu sa hannu su amince da ƙari su kaɗai ba. Majalisa ta karɓi wannan gyara, aka sa shi a ƙuduri na uku.

Bayan tattaunawa, Malam Habibu Isiyaku ya gabatar da ƙudurin, Injiniya Bulus Audu ya mara masa baya, aka zartar da abin da ke tafe.

Ƙuduri na ɗaya: amincewa da rancen

Majalisa ta amince kamfani ya karɓi rancen Naira miliyan 360 (Naira miliyan ɗari uku da sittin) daga Bankin Madogara, bisa sharuɗɗan takardar tayi ta 28 ga Afrilu, 2025, wadda Shugaba ya sa wa hannu a kowane shafi don shaida, aka kuma liƙa kwafinta a littafin taro. Majalisa ta gamsu cewa rancen yana cikin maslahar kamfani, kuma kamfani zai iya biyan basussukansa a kan lokaci bayan karɓarsa.

Ƙuduri na biyu: sharuɗɗan da aka yarda da su

Wa'adin rancen wata 42 ne daga ranar da aka fara fitar da kuɗi. Watanni shida na farko na sassauci ne a kan uwar kuɗi, sannan a biya ta kashi 36 daidai wa daida. Kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100 ne a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage ba a biya ba. Ladan shirya rance kashi 1 cikin 100 ne, wato Naira miliyan 3.6, sau ɗaya tak. Kamfani yana da damar biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adi idan ya ba banki sanarwar kwana 30 a rubuce.

Ba za a yi amfani da kuɗin don wani abu ba sai sayen tirelolin huɗu. Banki zai biya dillali kai tsaye bayan kamfani ya zuba nasa kason.

Ƙuduri na uku: iyakar da ba a ƙetarewa

Babu wani jami'i ko darakta da ke da ikon amincewa da ƙarin uwar kuɗi, ko tsawaita wa'adi, ko ƙarin jingina, sai da sabon ƙuduri daga wannan Majalisa. Idan banki ya sanar da ƙarin kuɗin ruwa, Daraktan Kuɗi zai sanar da kowane darakta a rubuce cikin kwana uku na aiki. Idan ƙarin ya sa kuɗin ruwan ya haura kashi 27 cikin 100 a shekara, Shugaba zai kira taron gaggawa cikin kwana 14 don a duba ko a ci gaba, ko a nemi sabon ciniki da banki, ko a biya bashin a huta.

Ƙuduri na huɗu: jingina da inshora

Majalisa ta amince a jinginar wa banki tirelolin huɗu da za a saya, kuma a riƙa zuba kuɗin kwangilar jigilar a asusun kamfani da ke bankin har a gama biya. Za a yi wa motocin cikakkiyar inshora, a rubuta sunan banki a matsayin wanda za a fara biya idan an yi asara. Filin ajiye motoci da ginin babban ofis ba sa cikin jinginar, kuma wannan ƙuduri bai ɗora wa wani darakta tsayawa lamuni da dukiyarsa ta kansa ba. An umurci Sakatariya ta tabbatar an yi rajistar jinginar a hukumar rajistar kamfanoni cikin wa'adin da doka ta gindaya, ta shigar da ita a littafin jingina na kamfani, ta kuma kawo shaidar rajista a zama na gaba.

Ƙuduri na biyar: masu sa hannu

Majalisa ta naɗa waɗannan mutane su sa hannu a madadin kamfani kan duk abin da ya shafi rancen.

Rukuni na ɗaya: Alhaji Lawal Ɗanjuma, Shugaban Majalisa, da Hajiya Rakiya Tukur, Manajar Darakta.

Rukuni na biyu: Malam Habibu Isiyaku, Daraktan Kuɗi, da Malama Zulaihat Shehu, Sakatariyar Kamfani.

Takardar karɓar tayi, da yarjejeniyar rance, da takardun jingina, da duk umurnin fitar da kuɗi, ba za su hau kan kamfani ba sai da hannu biyu, ɗaya daga rukuni na ɗaya, ɗaya daga rukuni na biyu. Mutum biyu daga rukuni guda ba su wadatar ba. Inda ake bukatar hatimin kamfani, za a buga shi a gaban waɗanda suka sa hannu. Wasiƙun yau da kullum, kamar neman bayanin asusu ko jadawalin biya, Daraktan Kuɗi zai iya sa musu hannu shi kaɗai, muddin ba su fitar da kuɗi ba kuma ba su ɗora wa kamfani sabon nauyi ba.

Babu wanda zai wakilta wani ya sa hannu a madadinsa, kuma ba za a sa hannu a takardar da aka bar gurbin adadi ko na kwanan wata a cikinta ba. Alhaji Nasiru Maikano ba zai sa hannu a kowace takarda ta rancen ko ta sayen motocin ba.

Duk wanda ya bar muƙaminsa, ta hanyar murabus ko sauke shi ko rasuwa, ikonsa na sa hannu ya faɗi daga ranar, kuma Sakatariya za ta sanar da banki a rubuce cikin kwana biyu na aiki. Majalisa kaɗai ke naɗa wanda zai maye gurbinsa.

Ƙuduri na shida: dogaron banki da rahoto

Banki yana iya dogaro da kwafin wannan ƙuduri da Shugaba da Sakatariya suka tabbatar, har sai sanarwar soke shi ko gyara shi ta isa hannunsa a rubuce. Abin da banki ya aiwatar da kyakkyawar niyya kafin sanarwar ta iso yana kan kamfani. Za a haɗa wa kwafin katin samfurin sa hannun mutum huɗun da shaidar kowannensu. Daraktan Kuɗi zai riƙa kawo wa Majalisa rahoto duk wata uku kan abin da aka biya, da abin da ya rage, da abin da motocin suka shigo da shi. Idan ba a fara fitar da kuɗin ba har zuwa 31 ga Agusta, 2025, wannan izini ya ƙare sai an sabunta shi.

Sakamakon ƙuri'a: huɗu sun amince, babu wanda ya ƙi, ɗaya bai kaɗa ba saboda alaƙar da ya bayyana.

Tabbatarwa

Mu da muka sa hannu a ƙasa mun tabbatar cewa wannan kwafi ne na gaskiya daga littafin bayanan taron Majalisar Daraktoci, cewa an zartar da ƙudurin bisa kundin dokokin kamfani, kuma har yau ba a soke shi ko an gyara shi ba.

An sa hannu, an buga hatimin kamfani, yau Alhamis 15 ga Mayu, 2025.

Alhaji Lawal Ɗanjuma
Shugaban Majalisar Daraktoci

Malama Zulaihat Shehu
Sakatariyar Kamfani