Zuwa ga Aminiyata Rukayya, a Kan Maganar Bikina

Anguwan Rogo, Jos
Lahadi, 12 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da ke da Mama da sauran mutanen gida a Kubwa, kuma ina fata aiki yana tafiya yadda ake so. Umma tana gaishe ki, ta kuma ce in tambaye ki ko kin manta hanyar Jos ne, tunda rabonki da gidan nan tun ƙaramar salla.

Na san za ki yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga wurina, alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne maganar da nake tafe da ita ta fi ƙarfin hirar da muke yi ana dariya ana katse juna, kuma ina so ki same ta a rubuce domin ki karanta a natse, ki sake karantawa, ki yi shawara da Mama kafin ki ba ni amsa. A makon jiya iyayen Mukhtar suka zo wurin su Baba aka tsayar da rana: in Allah Ya kai mu, za a ɗaura aure ranar Asabar, 20 ga Disamba, da ƙarfe sha ɗaya na safe a masallacin unguwarmu. Roƙon da nake yi a gare ki shi ne ki zame mini babbar ƙawa a wannan biki.

Da Gwaggo Asabe ta tambaye ni wadda za ta tsaya mini, ban yi dogon tunani ba. Tun 2014 da aka haɗa mu ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai na Naraguta, lokacin da kika iso daga Abuja cikin hunturu da mayafi ɗan siriri kina rawar ɗari har na ba ki bargona, ban taɓa shiga wani hali na daɗi ko na wuya ba face kina kusa. Ke kika kwana da ni a asibiti kwana uku lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni ana tsakiyar jarrabawa, ke kuma kika fara jin sunan Mukhtar daga bakina tun ina jin nauyin faɗa wa kowa. Ina da ƙawaye da 'yan'uwa da yawa, Alhamdulillahi, amma wadda za ta kalli fuskata ta gane na gaji ko raina ya ɓaci ba tare da na furta ba, ke ce.

Sai dai ni da ke mun halarci bukukuwan da ƙawance na shekaru ya lalace a cikinsu, ba don wata mugunta ba, sai don amarya ta ɗauka ƙawarta ta san abin da ake so daga gare ta, ita kuma ƙawar ba wanda ya gaya mata komai har ranar ta zo. Ba na son haka ta faru tsakaninmu. Saboda haka zan bayyana miki nauyin tun yanzu, da abin da ke kanki da abin da ba ya kanki, domin idan kin amsa ki amsa da saninki.

Za a fara hidima ranar Laraba, 17 ga wata, da ƙunshi a nan gida. Ranar Alhamis da yamma za a yi kamu, ranar Juma'a bayan la'asar walima, Asabar ɗaurin aure da yinin biki, da daddare kuma a kai ni gidana a Rikkos, sannan Lahadi a yi buɗar kai. Ina so ki iso ranar Litinin, 15 ga wata, ko a ƙalla Talata, wanda ke nufin kina bukatar hutun mako guda cif daga ofis, kuma gara ki nema tun yanzu kafin kowa ya ruga neman hutun ƙarshen shekara. Don Allah ki taso da sassafe, domin kin san yadda hanyar Keffi da Akwanga take cika a wannan lokaci, kuma ba na so dare ya riske ki a Hawan Kibo. A ɗakina za ki sauka, kamar yadda aka saba, kuma wannan karon ki zo da rigar sanyinki, don sanyin Disamba a Jos bai canza hali ba.

Kafin wannan lokaci, babban aikin da ke gabanki shi ne anko. Mu goma sha biyu ne da ƙawaye, kuma na riga na zaɓi atamfa ɗaya wadda Anti Bilki za ta saro mana daga Kantin Kwari a Kano, turmi a kan naira 18,000. Ina so ki buɗe mana zaure a WhatsApp, ki sanar da kowa farashin, ki karɓi kuɗin, ki rubuta wadda ta biya da wadda ba ta biya ba, ki rufe karɓa ranar 10 ga Nuwamba domin teloli su sami lokaci, tunda kin san halin ɗinki idan Disamba ta matso. Anko ɗaya kawai na yanke, na ranar kamu. Sauran ranaku kowa ta sa abin da take da shi, domin ban ga amfanin a ɗora wa mutane atamfa da leshi da shadda a wannan yanayi na tsadar rayuwa ba, kawai don hoto ya yi kyau. Akwai mutum biyu a cikinmu da na san kuɗin zai yi musu nauyi. Zan gaya miki sunayensu a waya, ni zan biya nasu ta hannunki, kuma maganar ta tsaya tsakanina da ke.

Ranar kamu ita ce ranarki. Ke za ki jagoranci ƙawaye idan dangin ango suka zo neman amarya, ke za ki yi ciniki da su a kan kuɗin kamu, kuma na san bakinki ba zai ba mu kunya ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi shi cikin wasa da dariya, a ja su kaɗan kamar yadda al'ada ta tanada, amma da zarar ƙanwar mahaifinsa, Hajiya Talatu, ta sa baki, a sassauta a karɓi abin da suka bayar. Mutanen nan da su zan zauna har iyakar rayuwata in Allah Ya so, kuma ba na son abin da za su fara tunawa da shi game da ƙawayena ya zama taƙaddamar kuɗi. Haka nan a daren kai amarya, idan abokan ango suka zo sayen baki. Babban abokinsa sunansa Sadiƙ, zan ba ki lambarsa idan kin amince, domin ku daidaita maganar motoci da lokacin tashi tun da wuri. Abin da aka samu na kamu da na sayen baki na ƙawaye ne, ke za ki raba shi yadda kika ga ya dace, ni ba ruwana da shi.

Kuɗin liƙi kuwa daban ne. Duk inda aka yi mini liƙi, ke da ƙanwata Zainab ne kaɗai za ku tattara, ku ƙirga tare a ɗaki, ku rubuta, ku miƙa wa Umma. Haka kuma duk wanda ya ba da gudummawa ko kyauta a hannuna, ki rubuta sunansa da abin da ya kawo a littafin da zan ba ki, domin in san waɗanda zan bi da godiya bayan biki, in kuma san abin da zan rama idan nasu ya zo. Na zaɓe ki a wannan ne saboda ban taɓa ganin lissafi ya ɓace a hannunki ba, ko a lokacin da muke haɗa kuɗin cefane a makaranta muna zuwa Farin Gada sayen tumatir da dankali.

Akwai kuma aikin da ba wanda zai gani, wanda a wurina ya fi duk waɗannan. Daga ranar ƙunshi wayata za ta koma hannunki, ke za ki amsa masu tambayar kwatance da masu neman sanin lokaci, ki tace wanda lallai sai na yi magana da shi. Ke za ki tsaya a kan mai kwalliya da mai ɗaukar hoto su zo a kan lokaci, kuma ki hana a ɗauke ni hoto ko bidiyo kaina a buɗe ko ina cikin shiri, domin ba na son in wayi gari in ga kaina a wayoyin mutanen da ban sani ba. Ki tuna mini da salla idan hayaniya ta yi yawa, ki matsa mini in ci abinci, tunda kin san idan hankalina ya tashi ba na iya haɗiyar komai. Idan wata magana marar daɗi ta taso daga kowane ɓangare, kuma a biki ba a rasa irinta, kada ki kawo mini ita, kada kuma ki mayar da martani; ki kai wa Gwaggo Asabe, ita ce uwar biki kuma ta san yadda ake kashe irin wannan wuta. Idan kuma ni ce na yi miki tsawa cikin gajiya, ina neman afuwa tun yau.

Abin da ba ya kanki shi ma zan faɗa. Girki da rabon abinci da tarbar baƙi na su Gwaggo ne, jere kuma 'yan'uwan Umma za su yi shi tun ranar Talata, gyaran jiki da dilka da turaren wuta duk an riga an yi magana da mai yi. Ankonki da ɗinkinsa da kuɗin motarki zuwa da komawa suna wuyana, kuma kada ki yi mini musu a kan wannan, domin hutun da za ki ɗauka da wahalar da za ki sha sun isa gudummawa.

Na san jikin Mama yana tashi yana kwantawa, na kuma san ofishinku ba ya sakin mutum cikin sauƙi a ƙarshen shekara. Idan kin duba kin ga ba zai yiwu ki ɗauki dukan wannan ba, ki gaya mini kai tsaye ba tare da jin nauyi ba, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba, sai mu raba aikin tsakaninki da Zainab, ko ki zo ranar Juma'a ki zauna kusa da ni kawai. Abin da nake bukata shi ne amsarki kafin ranar Lahadi mai zuwa, 19 ga wata, domin Anti Bilki tana jiran adadi kafin ta yi magana da mai shago, ni kuma ina so in sanar da Gwaggo.

Ki gaishe mini da Mama da kyau, ki ce mata Umma za ta kira ta da kanta ta sanar da ita ranar, kuma ina roƙon ta sa mu a addu'a. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya nuna mana lokacin da rai da lafiya, Ya kuma kawo naki mu sha biki.

Taki har kullum,
Hauwa'u