Taƙaitaccen bayani ga sabon jami'in ba da kwangila: iyakokin kuɗi da matakan amincewa

Birnin Tawa, daga shugaban sashen kuɗi da kayan aiki

Malam, barka da kama aiki. Kundin dokar kwangilolin gwamnati da za ka yi aiki da shi ya samo tushe daga ƙa'idodin 2005 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, amma alƙaluman iyakokin suna cikin kudurin faraminista, wanda na manna maka a bayan wannan takarda. Ana sauya su, don haka kada ka dogara da abin da ka haddace.

Kowace kwangila tana da iyaka uku, kuma sababbin shiga kan cakuɗa su. Ta farko ke faɗa maka hanyar saye: takardar farashi kawai, neman farashi daga 'yan kasuwa da dama, ko buɗe gasa ga kowa. Gasa a buɗe ita ce asali. Ba da kwangila kai tsaye sai da dalilin da doka ta ambata, da izini a rubuce. Iyaka ta biyu ke nuna lokacin da takardu za su biya ta hannun masu binciken ma'aikatar kuɗi kafin a ci gaba. Ta uku ke nuna wanda zai amince. Alƙaluman gini dabam suke da na kaya da na aikin masana, kuma na ma'aikatar gwamnati ba su ne na ƙaramar hukuma ba. Duba layin da ya shafe mu.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne tsattsaga kwangila. A ce ana bukatar teburan makaranta na sefa miliyan 36 a bana, sai a zo maka da oda uku, kowace miliyan 12, wai ɗaya ta Madawa, ɗaya ta Konni, ɗaya ta Illela. Kaya iri ɗaya ne, shekara ɗaya, asusu ɗaya: miliyan 36 za ka auna da iyakar. Za a ce maka komawa makaranta ta matso, ana sauri. Saurin da rashin shiri ya jawo ba uzuri ba ne, shi ya sa ake rubuta jadawalin saye tun farkon shekara.

Mai sa hannu dabam, mai amincewa dabam. Mutum ɗaya ba ya riƙe biyun. Kwangilar da ba a amince da ita ba ba ta da ƙarfin doka, ko da kowa ya sa hannu. Kada ka bari ɗan kwangila ya sauke ko buhun siminti ɗaya kafin nan, domin in kuɗin ya maƙale, shi da leburorinsa ne za su sha wahala. Ka tabbata akwai kuɗi a kasafi, kuma a amince kafin wa'adin tayin ya ƙare.

Wanda bai ci gasa ba yana da haƙƙin kawo mana kuka, daga nan ya wuce ARCOP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati, a Yamai. Ajiye kowace takarda da ranarta.

Ranar Litinin ka zo mini da jadawalin bana mu bi shi layi-layi.