Bugun zuciya mai zagaye, wato SVT, da yadda ake katse shi

Takardar bitar ranar Laraba, ga ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa

Assalamu alaikum. Sista mai kula da ɗakin gaggawa ta nemi a rubuta bayanin da muka yi da baki, saboda 'yan aikin dare ba su samu halarta ba. Ga shi nan. A liƙa kwafi ɗaya a jikin kabad ɗin magungunan gaggawa.

Saƙon lantarkin da ke sa zuciya ta buga yana tashi ne daga ƙullin SA, a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum mai hutawa. Ya bazu cikin ɗakunan sama, sannan ya sauko ƙullin AV, wanda a zuciya mai lafiya shi kaɗai ne mashigi zuwa ɗakunan ƙasa. A nan saƙon yakan ɗan dakata don ɗakunan ƙasa su cika da jini. Duk naman zuciyar da saƙo ya ratsa sai ya ɗan huta kafin ya iya karɓar wani. Wannan hutun ne ke sa kowane saƙo ya mutu idan ya gama aikinsa, domin ko'ina ya juya sai ya tarar da nama yana hutu.

Wasu mutane kuwa hanya biyu gare su a yankin ƙullin AV. Ɗaya doki ce, ɗaya jaki. Dokin akwai gudu, amma in ya tsaya yana daɗewa bai farfaɗo ba. Jakin tafiyarsa a hankali, amma da ya sauke kaya ya shirya ɗaukar wani. A kullum saƙo ta hanya mai sauri yake sauka, mutum ba ya jin komai, ECG ɗinsa ma lafiya lau. Rikicin yana tasowa ne idan wani bugu ya yi riga malam masallaci daga ɗakunan sama. Ya tarar da mai saurin tana hutu, sai ya bi mai jinkirin. Kafin ya kai ƙasa mai saurin ta farfaɗo, sai saƙon ya rabu biyu: wani ya wuce ɗakunan ƙasa, wani ya juyo sama ta hanya mai sauri. Da isowarsa sama mai jinkirin ta riga ta shirya, sai ya sake gangarawa. Zagaye ya ɗauru ke nan. Kowane zagaye bugu ɗaya ne, galibi 150 zuwa 250 a minti, ƙullin SA kuma an danne shi, ba ya samun damar cewa uffan.

Wannan shi ne AVNRT, shi ya fi yawa a manya, kuma ya fi kama mata. Na biyunsa AVRT: an haifi mutum da wata ƙarin hanya tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, saƙo ya sauka ta ƙullin AV ya hau ta ƙarin hanyar. Masu Wolff-Parkinson-White, wato WPW, cutar da aka bayyana a 1930, suna cikin wannan rukuni. Zagayen AVRT ya fi faɗi, amma abin lura shi ne, duka biyun dole su ratsa ta ƙullin AV. In aka toshe shi na bugu ɗaya tak, saƙon ya iso ya rasa wurin bi, sai ya mutu, ƙullin SA ya karɓi ragamarsa. Ba rage wa zuciya gudu muke nema ba a nan, tsinka zagayen muke nema. Shi ya sa SVT ba ta sauka sannu-sannu: daga 190 sai ka ga 85 a cikin daƙiƙa kaɗan.

Kafin a taɓa mara lafiya sai an tabbatar abin da ke gabanmu. A nan karkara, yawancin masu saurin bugun zuciya ba SVT ke damunsu ba. Zazzabin cizon sauro ne, ko ƙarancin jini, ko gudawa da amai, ko zubar jini bayan haihuwa, ko ciwon zuciyar masu jego da muke yawan gani. Zuciyarsu tana gudu ne don ta cece su, maganinsu jini ne, ko ruwa, ko maganin cutar da ta kawo su. Irin wannan gudun yana hawa a hankali, yana canzawa in mutum ya motsa ko zazzabi ya sauka, kuma a babba ba kasafai yake wuce 150 ba.

Mai SVT labarinta daban. Ku tuna matar nan mai shekara 34 da aka kawo a babur ranar kasuwa. Ta ce tana sunkuye tana tankaɗe sai ta ji gabanta ya faɗi, ƙirji ya kama lugude, har a wuya take jin bugun. Ba zazzabi, idonta bai nuna ƙarancin jini ba. Ta ce ya saba zuwa ya tafi da kansa kamar an kashe fitila, bayan ya tafi kuma ta yi ta fitsari. An yi mata hayaƙi da rubutu a gida, ana zaton iska ce. Na'ura ta nuna 188, lambar ba ta motsi. A ECG a duba abu uku: bugun a jere yake daidai wa daida, QRS siriri ne, bai kai ƙananan gidaje uku ba, wato milisakan 120, sannan ba a ganin P na al'ada kafin kowane QRS. In QRS mai faɗi ne, ko bugun ba a jere yake ba, a tsaya a kira likita.

A kuma duba ko mutum na tsaye da ƙafarsa. Wanda jininsa ya faɗi, ko ya suma, ko hankalinsa ya ruɗe, ko yake ciwon ƙirji mai tsanani, ko huhunsa ya cika da ruwa, wannan na jan wutar lantarki ne, da na'urar farfaɗo da zuciya, an danna SYNC. A kira likita nan take.

Ga wanda yake cikin hayyacinsa, da jijiyar bagus ake farawa. Wannan jijiya daga ƙwaƙwalwa ta sauko, ita ce birkin zuciya. Idan ta motsa tana sakin asitilkolin a kan ƙullin AV, fotashiyam ya fita daga ƙwayoyin naman, shigar kalshiyam ta ragu, ƙullin ya yi nauyin isar da saƙo, hutunsa ya tsawaita. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce nishin Balsalba da aka gyara, ba ta buƙatar komai sai sirinji mai cin mil 10 da mutum biyu.

A kishingiɗar da mara lafiya a gado, rabi zaune rabi kwance. A cire allura, a ba ta bakin sirinjin, a ce: "Hajiya, ki hura da ƙarfi har sandar nan ta motsa, kada ki saki sai na ce." A ƙirga daƙiƙa 15 da agogo. Da cikarsu a kwantar da ita flat a rigingine, a ɗaga ƙafafunta sama kamar rabin miƙewa na wasu daƙiƙa 15, an rufa mata zane, sannan a mayar da ita kishingiɗe a duba na'ura bayan minti ɗaya. Dalilin ɗaga ƙafar: lokacin nishi jini ba ya samun komawa zuciya sosai, da an saki sai ya kwararo, na ƙafafu ya ƙaru a kai, ƙarfin jini ya yi tsalle, masu auna shi a jijiyar wuya su kai rahoto ƙwaƙwalwa, ita kuma ta taka birki. Amfanin yana zuwa ne bayan an saki, ba lokacin da ake hurawa ba. Binciken REVERT da aka yi a Ingila aka buga a 2015 ya nuna wannan hanya ta dawo da bugu daidai ga kashi 43 cikin ɗari, tsohuwar hanyar nishi a zaune kuwa kashi 17. A ganina yawancin "an gwada bai yi ba" da nake ji, nishin daƙiƙa biyar ne aka yi. A maimaita sau biyu ko uku.

Murza jijiyar wuya aikin likita ne: gefe ɗaya, daƙiƙa 5 zuwa 10, kuma ban da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Ni ba na yi wa tsofaffi. Jariri kuwa, a sa ƙanƙara da ruwa a leda a ɗora masa a goshi da idanu na ɗan lokaci, ba a toshe hanci da baki ba. Danna ƙwayar ido haramun ne a wannan asibiti.

In bagus ta gaza, sai adinosin. Jiki ma yana yin sa da kansa. Ta wata ƙofa daban yake shiga, mai suna A1, amma aikin ɗaya ne: fotashiyam ya fita, ƙullin AV ya rufe ruf na 'yan daƙiƙoƙi. Jini yana cinye rabinsa cikin ƙasa da daƙiƙa 10, don haka wanda ya tura shi a hankali ta bayan hannu ya zubar da kuɗin mara lafiya a banza. A sa babbar kanula a gwiwar hannu. Miligiram 6 a tura lokaci guda, a bi shi nan take da ruwan gishiri mil 20, a ɗaga hannun. In bayan minti ɗaya zuwa biyu shiru, a ba da miligiram 12, ana iya ƙara wani 12. Yara miligiram 0.1 ga kowane kilo, kada ya wuce 6, na biyu 0.2, kada ya wuce 12. Mai ciki ana yi mata nishin, ana kuma ba ta adinosin.

Takardar ECG ta riƙa fita tun kafin a tura, iskar oksijin da na'urar farfaɗowa suna kusa. Kuma a gaya wa mutum gaskiya tukuna: "Baba, za ka ji ƙirji ya matse, fuska ta yi zafi, numfashi ya ɗauke kamar rai zai fita. Kafin ka gama salati ya wuce." Layin na'ura zai iya miƙewa na daƙiƙa kaɗan. Wanda bai taɓa gani ba gabansa zai faɗi, a gargaɗi 'yan rakiya ko a fitar da su.

Ba a ba mai asma mai tsanani adinosin, yana iya shaƙe shi. Ba a ba wanda bugunsa ke da faɗi kuma ba a jere ba, domin in mai WPW ne ɗakunan samansa ke karkarwa, rufe ƙullin AV zai tura saƙonni duka ta ƙarin hanyar, zuciya ta iya tsayawa. A tambayi goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙarin kuzari, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana tare wa adinosin ƙofa, haka ma aminofilin. Mai farfaɗiya da ke shan kabamazafin kuwa maganin ya fi kama shi, a sanar da likita a rage.

Wani lokaci gudun zai lafa na daƙiƙa biyar, a ga P da yawa a jere kamar haƙoran zarto, sannan ya dawo. Maganin ya yi aikinsa, zagayen ne ba ya bi ta ƙullin AV, a cikin ɗakunan sama yake. Kada a ƙara, a ajiye takardar.

Na san ba kullum muke da adinosin ba. Madadinsa barafamil ne, miligiram 5 a hankali cikin minti biyu, da izinin likita, ban da jariri ƙasa da shekara ɗaya, da mai faffaɗan QRS, da mai gazawar zuciya ko faɗuwar jini, da wanda yake kan furofaranolol ko atinolol.

Bayan bugu ya dawo a sake cikakken ECG, a duba ko PR gajere ne kuma QRS ya fara da gangare, alamar WPW ke nan. A auna yawan jini, a koya wa mutum nishin don ya yi a gida. Wanda abin ke yawan dawo masa, ko ya taɓa suma, ko aka ga alamar WPW, a rubuta masa takardar zuwa wurin likitan zuciya a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, domin akwai aikin da ake ƙone hanyar ta cikin jijiya a rabu da ciwon. A haɗa masa takardun ECG biyun, na lokacin gudu da na bayansa, a ɗauke su hoto a wayarsa kuma, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi.